Rahoton kwastomomin da ke dawowa duk wata: tambayoyinku

Malam, wannan teburin da ke shigo min imel duk farkon wata me yake nufi?

Kowane layi rukuni ne na mutanen da suka fara sayayya a wurinki a wata ɗaya. Sabbi 40 a Janairu, 10 cikinsu suka sake saye a Fabrairu, kashi 25 kenan. Shi kenan fa.

Wanda ya saya a Janairu ya dawo a Maris, ɗan wane rukuni ne?

Na Janairu, har abada. Ba a sauya masa gida.

Me ya sa sabbin kwastomomi suka yi yawa, alhali na san fuskokinsu?

Lambar waya ce, kullum sai na faɗa! Yau an rubuta 0803, gobe +234803, kwamfuta ta ɗauka mutum biyu ne, sabbi su kumbura, masu dawowa su ragu. A Google Sheets ki yanke lambobi 10 na ƙarshe, da su za ki gane mutum, misali in lambar wayar tana akwatin B2:

```
=RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),10)
```

Kuma don Allah ki cire odar da aka soke ko aka dawo da kaya, wanda bai biya ba bai saya ba.

Rukunin Maris ya faɗi daga kashi 25 zuwa 17, sun guje ni ne?

Wataƙila, amma Hajiya kar hankalinki ya tashi tukuna. Ki fara duba mutum nawa ne a rukunin. In 12 ne, mutum 3 su ne kashi 25, mutum 2 kuma kusan 17, kin ga mace ɗaya ce kawai ba ta dawo ba, ƙila ma tafiya ta yi. Sannan su wa suka shigo a watan? In lokacin sayayyar Sallah ne, masu sayen atamfa sau ɗaya sun cika rukunin, dama ba masu dawowa wata mai zuwa ba ne, haka in yawancinsu ɗaliban ABU ne na Samaru da Kongo, da an yi hutu sun watse, sai an koma karatu za ki sake ganinsu. Akwai kuma yanayin kayan, turaren wutan da ke kai wata biyu bai ƙare ba, ba wadda za ta sake saye a wata na farko, sai ki duba na biyu da na uku. Ni dai sai na ga rukuni uku a jere suna sauka kafin in ce da matsala, a nan ne za ki binciki ingancin kaya, farashi, ko mai kai saƙo yana ɓata wa mutane lokaci.

Zan iya sa ya riƙa zuwa duk ranar 15?

A'a. Rabin wata ba wata ba ne, ƙarya zai miki. Ki bar shi ranar 1, ya lissafa watan da ya ƙare kawai.