Sarin masara a farashi daban-daban: nawa zan sayar da buhu?

Na sari masara da kaka a ₦30,000, daga baya a ₦45,000. Uwar kuɗina ₦37,500 ke nan?

A'a. Sai idan yawan buhunan ɗaya ne. A ce buhu 40 ka sara da kaka, ₦1,200,000 ke nan, buhu 10 kuma daga baya, ₦450,000. Haɗa su, ₦1,650,000, ka raba gida 50. Kowane buhu ya tsaya maka ₦33,000. Kuɗi ake haɗawa a raba da yawan buhu, ba farashi biyu ake rabawa tsakiya ba. Na faɗa na gaji.

Kuɗin mota da dako suna ciki?

To wa zai biya maka su? Mota daga Kumo zuwa Tudun Hatsi, 'yan dako, la'ada, hayar sito, maganin ƙwari, duk a zuba. Idan sun kai ₦100,000, buhu ya koma ₦35,000.

Na sayar da wasu, na sake saro sabo da tsada. Wane farashi zan bi?

Nan kam sai a hankali, Alhaji. Wanda ya fita ya fita, kada ka dawo da shi lissafi. A ce saura buhu 20 a ₦35,000, wato ₦700,000. Ka ƙaro 20 da suka iso sito a ₦47,000, wato ₦940,000. Jimla ₦1,640,000, a raba gida 40, sabuwar uwar kuɗi ₦41,000.

Sai dai wannan adadin iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba kawai ya nuna maka, kasuwa ce ke yanka farashi. Ka ɗora ribar kashi 10 cikin 100, ka sayar ₦45,100, a littafi ka ci riba. Amma in za ka koma sari gobe a ₦47,000, kuɗin buhun da ka sayar ba zai maye maka buhu ba, saura ₦1,900. Jarinka na naira ya ƙaru, na hatsi ya ragu. Don haka idan kana juya kaya ne, ni dai na fi son ka dubi farashin sarin yau. In kuwa kwashe sito kake yi saboda sabuwar masara ta kusa, wataƙila ₦45,100 ɗin ma alheri ne, ya danganta da yadda kasuwa ke tafiya a makon. Ba na rantse maka.

Kasuwa ta sauka zuwa ₦39,000, in jira?

Masu saye ba ruwansu da littafinka. Kowane wata sito yana cin kuɗi, ƙwari ma suna cin nasu. Kwantar da hankalinka, faɗuwar ₦2,000 a buhu ba karyewa ba ce.

Da na sake awo, buhu 50 ya koma 49.

Masarar kaka da sauran danshi take zuwa, tana bushewa tana raguwa. Raba ₦1,750,000, wato kuɗin sarin buhu 50 ɗin da na mota da dako, gida 49, kusan ₦35,700. Da abin da za ka iya sayarwa ake rabawa. Zura hannu cikin buhu kuma: in ka fito da gari a tafinka da ƙwayoyi masu huji, wannan ba bushewa ba ce, ƙwari ne, sai ka sake awo kafin ka faɗa wa kowa farashi.