Kafin ka turo hoton waken da ke buhunka

Galibin hotunan da manoma da 'yan kasuwa ke turo mana ta waya don a duba musu ƙwari na saman buhu ne, an ɗauka a ɗaki mai duhu da hasken filashi. Irin wannan hoton ba ya nuna komai. Ka zura hannu tsakiyar buhu ka ɗebo, ka ƙara ɗebo na can ƙasa, ka baza a farin faranti ba tare da ƙwayar ta hau 'yar'uwarta ba. Fito da shi inuwa da rana, goge gilashin kyamara, matso da wayar kamar taƙi ɗaya, sannan ka ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girman abin da ake kallo.

A wake, huda ce kowa ke nema, alhali ita ce alamar ƙarshe. Huda zagayayya mai santsin baki tana nufin ƙwaron ya riga ya girma ya fita. Abin da ya kamata ka buɗa hoton ka duba shi ne ƙananan ɗigo farare da suka manne a bayan ƙwayar, waɗanda ko an hura ba sa faɗuwa. Ƙwai ne. Sai kuma wani da'ira mai ɗan duhu a ƙarƙashin fatar waken, wurin da tsutsa ta cinye ciki ta bar fata siririya. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro sati uku zuwa huɗu ne kawai. Ke nan idan ka ƙirga ƙwaya 100 ka ga biyu ne masu huda amma ashirin na ɗauke da ƙwai, kada hudar biyun ta kwantar maka da hankali, domin wata ɗaya ya isa ya canza buhun. Ka baza waken a baƙar leda, ka rufe da leda mai shara-shara, ya sha ranar tsaka na awa biyu. In ya huce ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban.

Shinkafa da masara da dawa sun fi wuyar sha'ani. Ƙwaronsu mai dogon baki yana huda ƙwayar ne ya saka ƙwai a ciki ya liƙe, don haka hoto na iya fitowa fes alhali akwai tsutsa. Hudar fitarsa ba ta da santsi, bakinta a tsattsage yake. A nan gari ya fi ba da labari: tankaɗe tiya ɗaya a kan baƙin ƙyalle ka ɗauki abin da ya zubo. Ƙurar sussuka ruwan ƙasa ce mai haɗe da ƙaiƙayi, garin ƙwari kuwa laushi gare shi, launinsa na cikin ƙwayar. In kana tantama, zuba kaɗan a kwalba, ɗaure bakinta da ƙyalle, ka sake ɗaukar hoto bayan sati biyar ko shida.