Kajin burela zubi uku, littafi ɗaya: yaushe za a ce ya isa?

A aikinmu na malaman gona an fi tambayarmu yadda ake fara sana'a. Ba kasafai wani ke zuwa ya ce, "Malama, yaushe zan daina?" ba, alhali nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. Zan kawo labarin wata baiwar Allah a ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zagayawa, domin littafinta ya fi duk bayanin da zan yi. Farashin da za ku gani na lokacin ne, kowa ya sa na kasuwarsa.

Ta ɗauki adashi, ta haɗa da kuɗin akuyarta biyu, aka buga mata keji a bayan ɗaki, ta sayo tsakin burela 50, wato kajin da ake kiwo don nama. Ranar da na fara leƙawa na miƙa mata littafin makaranta na ce shafin hagu na kuɗin da ya fita ne, na dama na wanda ya shigo. A bayan littafin kuma a riƙa rubuta abu uku da kwanan watansu: ranar da kaza ta mutu, ranar da aka buɗe sabon buhun abinci, da ranar da aka sayar ko aka yanka a gida. Ba ta yi boko ba, ajami take rubutawa, ɗanta na aji biyar ke sa lambobin. Wata ma na san karan layi take ja a jikin bango da gawayi, kuma lissafinta yana fita. Sharaɗin dai a rubuta a ranar, kar a bari sai an tuna.

Zubin farko ta kashe naira 45,000 a tsaki, buhun abinci tara mai kilo 25 a kan 22,000 kowane, wato 198,000, sai riga-kafi da magani da gawayi da diddigar katako da kuɗin mota 27,000. Jimla 270,000. Tara suka mutu, saura 41. Ta dace sun kai sati bakwai ana jajiberin ƙaramar sallah, cikin kwana biyar suka ƙare a kan 6,500. Abin da ya shigo 266,500 ne, faɗuwar 3,500.

Maigidanta ya ce a bari haka nan. Na ce a'a, domin shafin baya ya nuna inda ciwon yake. Shida daga cikin taran a satin farko suka mutu, cikin dare, sun taru a lungu ɗaya sun danne juna. Wannan sanyi ne, kaskon gawayin ke mutuwa kafin asuba. Sauran ukun kuma sun yi nauyi ne zafin rana ya kashe su a ƙarƙashin kwano. Da a sati na uku zuwa na shida aka ga suna zubewa da farin zawo, sai mu tuhumi cutar gumboro mu duba yadda aka ba da riga-kafi. Duk waɗannan kurakuran hannu ne, suna da suna, suna da gyara. Wanda ya yar da sana'a saboda irinsu ya yi gaggawa, domin kuɗin koyo ya biya. Mun lissafa da a ce 47 sun rayu, da ta ci ribar 35,500.

Amma kafin ta sake zubawa na sa ta yi abin da mutane ba sa so. Na ce, "Hajiya, yau da hankali ke kwance, mu rubuta iyaka." A shafin farko muka rubuta cewa in an yi zubi uku, har da na farko, ba a ci riba ko sau ɗaya ba bayan an gyara mace-mace, ko kuma uwar kuɗi ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, za a tsaya. Ta sa hannu tana dariya. Dalilin rubutawa tun da wuri shi ne, ranar da faɗuwa ta zo zuciya ba ta rasa uzuri.

Zubi na biyu aikinta ya yi kyau ƙwarai. Uku kacal suka mutu, 47 suka kai sati bakwai da kuɗin da bai wuce na farko ba. In aka raba 270,000 gida 47, kowace kaza ta tsaya mata a kan kusan 5,750. A riƙe wannan lambar, ita ce mafi muhimmanci a littafin: nawa kaza ɗaya ta ci kafin ta bar gida.

Sai ciniki ya tsaya. Kasuwar garin mako-mako take ci, kuma da ƙyar take sayar da goma zuwa sha biyu a sati. Burela kuwa ba buhun masara ba ce da za a jingine a ɗaki. Da zarar ta wuce sati bakwai tana cin fiye da kilo ɗaya na abinci a mako, wato wajen naira dubu, kuma mai saye a ƙauye ba a sikeli yake saye ba, ɗagawa yake yi da hannu ya taya. Ƙarin nauyin ba ya komawa kuɗi. Kafin ta ƙarshe ta fita an shiga sati na goma sha ɗaya, an ƙara buhu uku, kashewa ta kai 336,000. An sayar a kan 6,000, jimla 282,000. Faɗuwar 54,000 a zubin da ba ta yi kuskuren kiwo ko ɗaya ba.

Abin lura shi ne ita ba ta ji a jikinta ta faɗi ba. Kullum ranar kasuwa kuɗi na shigowa hannunta, ana cefane, ana sayen sabulu. Da na tambaye ta ya kaji, cewa ta yi, "Alhamdu lillahi Malama, ana ta juyawa." Sai da muka zauna a tabarma muka haɗa shafin hagu da na dama, ta yi shiru, ta ce wa yaron ya sake ƙirgawa. Akwai ma kaza shida da aka ɗauka bashi, mun sa su cikin ciniki ne kawai don a sauƙaƙa, biyu har yau ba a biya ba. Shawarata a nan, kar a rubuta bashi a shafin dama sai ranar da kuɗin ya shigo.

Duk da haka ban ce ta daina ba. Zubin ya faɗo daidai lokacin layya, nama a kowane gida, wa zai sayi kaza? Wannan shi ne nau'in matsala na biyu, ta lokaci, kuma ba a yanke wa sana'a hukunci da wata guda mara kyau. Abin da ake yi shi ne a canza abu ɗaya a sake gwadawa. Ɗaya tak, domin in ka canza abinci da yawan kaji da kasuwa gaba ɗaya, ko an ci riba ba za ka san wanda ya kawo ta ba. Muka rage zuwa tsaki 30, daidai abin da kasuwar za ta ɗauke da wuri.

Zubi na uku 29 suka rayu. Tsaki 27,000, abinci buhu shida da rabi 143,000, sauran hidima 20,000, domin kwalbar riga-kafi da kuɗin mota ba sa raguwa don kaji sun ragu. Jimla 190,000, kowace kaza ta tsaya a kan kusan 6,550, kasuwa na biyan 6,000. Faɗuwar 16,000.

A nan ne na ce mata ya isa. Mace-mace sun sauka, ba layya, an rage yawa, amma har yanzu abin da kaza ke ci ya fi abin da garin ke biya. Ko a zubi na biyu, da a ce an kwashe dukansu rana ɗaya, ribar kaza ɗaya naira 250 ce, kafin a cire wahalar sati bakwai. Ƙaramin tashin farashin buhu ya isa ya cinye ta. Wannan ba kuskure ba ne, ba kuma lokaci ba ne. Tana sayen abinci buhu-buhu a farashin ɗai-ɗai, ta biya mota, ta sayar a garin da ba mai gasa kaji ko gidan abinci da zai kwashe talatin a tashi ɗaya. Ba abin da hannunta zai iya canzawa a ciki.

Ba ta yarda nan take ba. Ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ta ce kejin fa, kuɗin akuyarta ne a ciki, ta kuma ce me matan unguwa za su faɗa. Na fahimce ta, amma kuɗin keji ya riga ya tafi, ko ta zuba ko ba ta zuba ba. Tambayar da ke gabanta ita ce, ragowar da ke hannunta, wajen 196,000 daga 270,000, ina zai fi amfani? Na buɗe mata shafin farko, ga sa hannunta. Uwar kuɗin ba ta kai ga raguwa da kashi ɗaya cikin uku ba tukuna, amma sharaɗin zubi uku ya cika, kuma zubi ɗaya irin na biyu zai ƙetara ɗayan ma.

Littafin da ya ce ta tsaya shi ne ya nuna inda za ta juya. A zubi biyu na ƙarshe, tsaki huɗu ta rasa cikin 80. Hannunta ya faɗa a raino, kuma raino shi ne abin da matan garin ke tsoro. Asarar duk daga sati na biyar zuwa sama take, lokacin da cin abinci ke ninkuwa. Sai muka yanke ta riƙa rainon tsakin noila, irin da ke jure kiwon sake a tsakar gida yana tsince-tsince, ta ba su riga-kafi, ta sayar suna sati biyar ga masu son biyar ko goma. Keji ɗaya ne, kasko ɗaya ne, ba sabon sayayya. Kafin ta sayi ko ɗaya na ce ta zaga gidaje ta karɓi kafin alƙalami, domin "zan saya" ta baki ba ciniki ba ce. Da ta tara na tsaki 40 sannan ta zuba 100.

Ta kashe 183,000, 95 suka rayu, ta sayar a kan 2,400, ta samu 228,000 cikin sati shida. Na gaya mata zubi ɗaya bai isa shaida ba, domin gidajen da suka saya ba za su dawo ba sai bayan watanni, dole a nemi ƙauyukan kewaye. Mun rubuta sabuwar iyaka a sabon shafi, ta zubi uku ita ma. Burela kuwa ta bar ta sai ta ƙaramar sallah: za ta ƙirga sati bakwai baya daga ranar da ake sa ran ganin wata, ta zuba 50, ta fara karɓar sunayen masu saye tun suna sati huɗu.