Waiwaye: gadar Wheatstone, daga allurar galbanomita zuwa sikelin auduga

Sikelin lantarkin nan da ake ɗora buhun auduga ko gyaɗa a kai a Garwa da Marwa, dabarar da ke cikinsa ta kusa shekara 200. Samuel Hunter Christie ne ya fito da ita a 1833, mutane ba su kula ba, sai da Charles Wheatstone ya bayyana ta a 1843 sannan ta bazu, shi kansa ya faɗi cewa ta Christie ce amma ina, suna ya riga ya bi shi.

Rizista huɗu ne. R1 da R2 a jere a reshe ɗaya, R3 da R4 a ɗaya reshen, batir na ba su wuta tare, galbanomita kuma, wato mita mai allura da ke nuna ko wuta na wucewa, na haɗa tsakiyar wannan da tsakiyar wancan. In allura ta tsaya cak a sifili to gada ta daidaita:

```
R1/R2 = R3/R4
```

Ka san uku, ta huɗu ta fito ke nan. Daɗin abin kuwa ƙarfin batir bai shiga lissafin ba, a zamanin da batir ke sanyi yadda ya ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga 1938, lokacin da Edward Simmons da Arthur Ruge kowa da kansa ya ƙirƙiro siririyar wayar da ake mannawa a jikin ƙarfe don auna miƙewarsa, sai aiki ya fara juyawa, maimakon murɗa rizista ana neman sifili, ana barin gadar ta karkata a karanta karkatar. Ɗauki irin wannan waya, wato sansa, mai om 350, nauyi ya miƙe ƙarfen da kashi ɗaya cikin 1000, ita kuma ta ƙaru da om 0.7 kacal, a mitar hannu da kyar ka gani. Sa ta a gada da sauran uku duk 350, wuta bolt 5:

```
Vout ≈ (V/4) × (ΔR/R) = 1.25 × 0.002 = 2.5 mV
```

Gadar ta cinye 350 ɗin ta bar maka canjin kaɗai, amfilifaya ta ƙara shi. Sai dai yanzu fa ƙarfin wuta ya dawo cikin lissafi, in ya sauka awo ya sauka.

Mu nan babbar matsalar zafi ce. Om ɗin wayar tagulla na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 duk digiri ɗaya, to in wayar da ta je wurin sansa ta dawo om 1 ce, daga sanyin asuba zuwa azahar zafi ya hau da digiri 20, ta ƙara om 0.08, fiye da kashi ɗaya cikin goma na 0.7 ɗin nan alhali ba a ɗora komai ba. Alamarsa, sikeli fayau amma lamba na rarrafe tana bin rana. Shi ya sa ake jan waya uku, ko a sa sansa huɗu a ƙarfe ɗaya, biyu na miƙewa biyu na matsewa, zafi ya taɓa su daidai ya soke kansa, sigina kuma ta ninka huɗu.