Adaftar USB-C ta iyafis

Adaftar USB-C ta iyafis gajeriyar igiya ce mai kai biyu. Ɗaya yana shiga ramin cajin waya, ɗayan kuma rami ne mai faɗin milimita 3.5 da ake soka iyafis ko hedfon mai igiya. Ta zama abin buƙata ne tun da kamfanoni suka fara fitar da wayoyi marasa ramin iyafis. Apple ya cire ramin daga iPhone 7 a watan Satumba na 2016, Motorola ya yi hakan a Moto Z a shekarar, Google ya bi sahu da Pixel 2 a 2017, Samsung kuma da Galaxy Note 10 a 2019. Daga iPhone 15 na 2023 Apple ya bar ramin Lightning ya koma USB-C, don haka rami iri ɗaya ne yanzu a yawancin sababbin wayoyi.

Sai dai ramin ne kawai ya zo ɗaya, abin da ke bayansa ya bambanta. Adaftocin iri biyu ne, a ido ba a rarrabe su, kuma daga nan mafi yawan matsalar masu saye take tasowa.

Inda ake juya sauti

Waƙa ko muryar da ke cikin waya lambobi ce. Ƙaramar lasifikar da ke cikin iyafis ba ta san lambobi ba, wutar lantarki mai hawa da sauka take bi ta girgiza iska. Ke nan dole a sami abin da zai mayar da lambobin su zama irin wannan wuta, sannan ya ƙara mata ƙarfi. Ɗan ƙaramin cif ɗin da ke wannan aiki shi ake rubutawa DAC a jikin kwali. A wayoyi masu ramin iyafis, cif ɗin yana cikin wayar, ramin kuma mafita ce kawai. Da aka cire ramin, sai tambaya ta zama: a ina za a yi juyin, cikin waya ko cikin adafta?

Adafta ta farko ba ta da komai a ciki sai siraran wayoyin tagulla da ƙananan resisto masu rage gudun wuta. Ta dogara ne da wani tsari da aka tanada a ƙa'idar USB-C mai suna Audio Adapter Accessory Mode. Ramin USB-C yana da haƙora 24. Idan waya ta ga an janyo haƙoran nan biyu, CC1 da CC2, zuwa layin ƙasa, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa, a lokaci guda, sai ta gane irin wannan adafta ce aka soka. Daga nan ta daina aika bayanai ta haƙoran D+ da D-, ta sako sautin dama da na hagu ta cikinsu, haƙoran SBU1 da SBU2 kuma su ɗauki makirufo da layin ƙasa. Duk aikin na waya ne. Idan ba a gina wayar da wannan hanya ba, adaftar ba ta da abin da za ta iya yi. Moto Z, Huawei P20 da OnePlus 6T suna karɓar wannan iri. Wayoyin Pixel, da Galaxy Note 10 da manyan Galaxy S da suka biyo bayanta, da iPhone mai USB-C, ba sa karɓa. Masu kula da ƙa'idar USB-C ma sun janye goyon bayan tsarin a 2023, alamar cewa yayinsa yana wucewa.

Adafta ta biyu tana ɗauke da cif ɗinta, galibi a ɓoye cikin kan da ke shiga waya. Waya tana kallonta a matsayin na'urar sauti ta USB, tana aika mata lambobi tare da 'yar wutar da za ta yi aiki da ita. Yaren da suke magana da shi, USB Audio Class, ya girmi USB-C nesa ba kusa ba, domin sigarsa ta farko ta fito tun 1998, kuma Android ya fara fitar da sauti ta wannan hanya kai tsaye daga siga ta 5.0. Shi ya sa adafta mai cif take aiki a kusan kowace waya, har da waɗanda ke karɓar maras cif, da kwamfutoci. Wanda bai tabbatar da halin wayarsa ba, mai cif ce zaɓin da ba ya ba da kunya. Abin da take ci shi ne ɗan batir, wanda a ƙananan adaftoci bai taka kara ya karya ba.

Haka rabon yake ga iyafis ɗin da igiyarsa ta ƙare da kan USB-C kai tsaye. Wasu da cif a kansu, wasu babu, kuma na biyun ba sa aiki sai a wayar da ta yarda da su.

Yadda ake ganewa

A ɗauki misalin wanda ya yi shekaru da OnePlus 6T da adaftar da ta zo cikin kwalinta, sannan ya koma Pixel. Ya soka tsohuwar adaftar da iyafis ɗinsa, sai sauti ya ci gaba da fita ta lasifikar waya kamar ba a soka komai ba, allon kuma ya nuna `Analog audio accessory detected`. Babu abin da ya lalace, adaftar ce maras cif, wayar kuma ba ta fitar da sautin da aka riga aka juya. Babu saitin da zai gyara wannan, sai an canza adafta.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a soka adaftar a ramin USB-C na kwamfuta. Idan sabuwar na'urar sauti ta bayyana, akwai cif. A tabbatar iyafis yana jikinta lokacin gwajin, don da yawa daga masu cif ba sa farkawa sai sun ji an soka musu wani abu. A wajen saye kuwa, kalmar DAC a kwali ita ake nema, ko jerin wayoyin da ya ambaci Pixel ko Galaxy S.

Akwai kuma inda adaftar mai cif ce amma ta yi shiru. Wasu wayoyin Oppo, Realme da OnePlus suna da makunni a saiti mai suna OTG, wanda sai an kunna shi waya take ba na'urar waje wuta, kuma yakan kashe kansa bayan minti goma idan ba a yi amfani da shi ba. Ƙurar aljihu da ta danƙare a cikin rami ma tana hana kan shiga har ƙarshe, sai sauti ya riƙa yankewa da zarar an motsa.

Ƙarfin sauti

Ba kowace adafta mai cif ce ke iya tura kowane hedfon ba. Abu biyu ne ke haɗuwa: yawan bolt ɗin da adafta ke fitarwa, da tirjiyar hedfon ɗin ga wuta, wadda ake aunawa da om. Ƙananan iyafis yawanci om 16 zuwa 32 ne. Manyan hedfon na ɗakin naɗar sauti suna kai om 250 ko 300.

Lissafin gajere ne, inda P shi ne ƙarfin da hedfon ke samu, V bolt, R kuma om:

```
P = V² / R
```

Adaftar da ke ba da bolt 1 tana iya tura wa iyafis mai om 32 kusan miliwat 31, wanda ya fi ƙarfin abin da kunne zai jura. Ita ɗin dai, idan aka haɗa ta da hedfon mai om 300, miliwat 3 da ɗoriya kawai zai samu. Idan kuma rabin bolt take bayarwa, abin ya sauko ƙasa da miliwat 1, domin duk lokacin da bolt ya ragu da rabi, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu, wato ragin desibel 6. Wannan ba zance ne na takarda ba. Adaftar Apple da ake sayarwa a Amurka tana fitar da kusan bolt 1, ta Turai kuma kusan rabinsa, saboda dokokin kare ji na can. Mai ƙaramin iyafis da wuya ya lura. Mai babban hedfon zai ƙure ƙarar waya ya ji har yanzu sautin bai cika ba. Irinsa ne ke buƙatar adafta mai fitar da bolt 2, wadda ta fi girma ta kuma fi shan batir.

Ita wannan adafta ta Apple tana da wani hali a wayoyin Android da yawa: sauti yakan yi ƙasa, domin tana da nata ma'aunin ƙara a ciki wanda wayar ba ta ɗaga shi zuwa sama.

Manyan lambobin da ake jerawa a kwali, irin su 32-bit da 384 kHz, ba su ne abin dubawa ba. Faifan CD yana kan 16-bit da 44.1 kHz ne, kuma mafi yawan abin da ake saurare a waya bai wuce nan ba. Abin da kunne zai kama shi ne 'yar ƙarar "sss" a bayan sauti idan cif ɗin ba mai kyau ba ne, musamman da iyafis mai saurin amsawa, ko kuma yankewar farkon magana saboda adaftar ta yi barci tsakanin sauti da sauti.

Makirufo da maɓallai

Kan iyafis mai makirufo yana da gaɓa huɗu da baƙaƙen zobba uku suka raba. Biyun farko daga tsini sautin hagu ne da na dama. A sauran biyun aka sami saɓani: tsarin CTIA, wanda kusan kowa ke bi yanzu, ya sa layin ƙasa kafin makirufo, tsohon tsarin OMTP na wayoyin Nokia da Sony Ericsson na dā kuma ya juya su. Idan aka haɗa iyafis na OMTP da adaftar da CTIA kaɗai ta sani, muryar mawaƙi takan dusashe kamar daga cikin rijiya take fitowa, amma da an danne maɓallin amsa kira sai sautin ya dawo daidai. Wannan alama ba ta ƙarya. Wasu adaftoci suna gane tsarin da kansu su daidaita, wasu ba sa yi.

Maɓallan ƙara da rage sauti su ma ba yare ɗaya suke yi ba. A tsarin Android kowane maɓalli yana da tirjiyarsa, om 240 na ƙarawa, om 470 na ragewa, Apple kuwa wata sigina ta daban yake amfani da ita. Don haka iyafis na Apple a kan adaftar da aka yi don Android yakan ba da sauti da makirufo da maɓallin tsakiya, na ƙara kuma su ƙi.

Caji da sauraro lokaci guda

Tun da rami ɗaya ne, akwai adafta mai baki biyu, ɗaya na caja ɗaya na iyafis. A nan aka fi samun gardama. A tsarin maras cif, wutar da aka yarda ta wuce ba ta fi miliamfiya 500 ba, caji mai tafiyar hawainiya. A mai cif kuwa, ana so waya ta zama mai ba da umarni ta fuskar bayanai, amma mai karɓa ta fuskar wuta, kuma sai adaftar ta iya sasanta hakan ta tsarin USB Power Delivery. Wadda ba ta iya ba, ko dai sauti ya ɗauke da an soka caja, ko cajin ya ƙi sauri. Idan an ji wani ƙugi a kunne da ke zuwa da caja yana tafiya da ita, hayaniyar wutar cajar ce ke ratsowa ta layin ƙasa, kuma sau da yawa sauya caja yana rage ta.