Jan biro ba tare da gyara ba, ba lalaci ba ne

Tun da daɗewa ake cewa malamin da ya duba insha'i ya yi ta jan layi bai rubuta daidai ɗin ba, malalaci ne ko shi ma bai sani ba. Ba laifin iyayen da ke faɗin haka ba ne, mu a makaranta rubuta mana daidai ɗin aka saba yi.

Amma dabara ce ta koyarwa. Yaro ya rubuta "yaran ya tafi makarnta", malam ya ja layi ƙarƙashin "ya" ya sa alamar nahawu a gefe, ya ja ƙarƙashin "makarnta" ya sa ta ƙa'idar rubutu, shi kenan. Yaron ne zai zauna ya gano "sun tafi makaranta", kuma abin da ya nemo da kansa ya fi zama a kai fiye da wanda ya kwafa.

Sai dai tana da iyaka fa, in ba a taɓa koya masa ƙa'idar ba alama ba za ta tsinana komai ba, nan dole malam ya gyara.

Ku buɗe littafin ɗanku, akwai bayanin alamomin? Ya sake rubutawa malam ya sake dubawa? In babu, to nan ne ƙorafi ya dace. Don Allah a tura wa sauran iyaye.