Kuɗin ruwa na takarda da kuɗin ruwa na ainihi

Kuɗin ruwa na takarda shi ne adadin da banki yake rubutawa a yarjejeniya, kamar kashi 20 cikin ɗari a shekara. Kuɗin ruwa na ainihi kuwa shi ne abin da ya rage bayan an cire hauhawar farashi, wato ƙarin kayan da kuɗin za su iya saya. Idan farashi ya fi kuɗin ruwa saurin tashi, na ainihin yakan faɗi ƙasa da sifili, sai mai ajiya ya karɓi kuɗi masu yawa amma su sayo masa kaya kaɗan.

Tarihi

Ana ganin alamun wannan tunani tun wajen ƙarni na 18, kuma akan ambaci Henry Thornton, ɗan majalisar Birtaniya, cikin waɗanda suka bayyana shi a farkon ƙarni na 19. Wanda ya tsara shi cikin lissafi shi ne Irving Fisher, masanin tattalin arziki na Jami'ar Yale a Amurka, a wani rubutu na 1896, sannan ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1930.

Shekarun 1970 ne suka sa talakawan Amurka suka ɗanɗani abin a aljihunsu. Doka ta ƙayyade ruwan da bankuna za su biya kan asusun ajiya, bai wuce kashi 5 da 'yan kai ba, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 13 a 1980. Masu ajiya suka yi ta kwashe kuɗinsu zuwa wasu hanyoyin zuba jari, har aka janye ƙayyadewar sannu a hankali zuwa 1986. Tun a 1973 Ronald McKinnon da Edward Shaw suka nuna cewa gwamnatocin ƙasashe masu tasowa da dama suna danne kuɗin ruwa ƙasa da hauhawar farashi. Mai bashi, musamman gwamnati, yana samun sauƙi, mai ajiya kuma shi ke biya ba tare da an aiko masa takardar haraji ba.

Lissafi

```
1 + r = (1 + i) / (1 + π)
r ≈ i − π
```

A nan i ruwan takarda ne, π hauhawar farashi, r kuma ruwan ainihi, kuma kashi 20 cikin ɗari ana rubuta shi 0.20. Layi na biyu gajeriyar hanya ce, tana aiki ne kawai idan alƙaluman ƙanana ne.

Misali daga Najeriya

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashi ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari tsakanin Disamba 2023 da Disamba 2024. A ɗauka wani ya ajiye naira miliyan 1 na shekara guda a kan kashi 20, adadin da kowa zai ji ya yi tsoka. Ƙarshen shekara yana da naira 1,200,000. Sai dai kayan da miliyan 1 ke saya a da sun koma naira 1,348,000. Idan aka raba 1,200,000 da 1.348 za a samu kusan 890,000 a darajar kuɗin bara, hasarar kashi 11 ke nan. Gajeriyar hanya da ta ce kashi 14.8, ta zarce gaskiya.

Haraji yana ƙara zurfafa ramin, domin ana yankarsa ne daga ruwan takarda duka, har da ɓangaren da cike gurbin hauhawa kawai yake yi. Idan aka yanki kashi 10 na ruwan, naira 20,000 sun tafi, hasarar ta kai kusan kashi 12.5.

Mai asusun ajiya na yau da kullum ya fi shan wuya. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa, wanda bankuna ke dubawa wajen tsayar da nasu ruwan, kashi 27.5 a Nuwamba 2024, amma mafi ƙarancin abin da ya wajabta a biya kan irin wannan asusu kashi 30 ne na ma'aunin, wato 8.25. Ma'aunin da ake sanarwa a labarai ba shi ne ke shiga asusun mutum ba.

Iyakoki

Ranar ajiya ba wanda ya san hauhawar da ke tafe, don haka ruwan ainihin da aka yi tsammani yakan saɓa da wanda aka samu. Ma'aunin hauhawar farashi na hukuma kuma matsakaici ne. Tsakanin Disamba 2023 da Disamba 2024 farashin abinci ya tashi da kusan kashi 40, saboda haka magidancin da yawancin kuɗinsa ke tafiya a cefane ya yi hasara fiye da yadda lissafin ya nuna.

Fisher ya yi hasashen cewa ruwan takarda yakan bi hauhawar da ake tsammani. Masana sun saɓa kan saurin hakan da cikarsa.

Masu guje wa kuɗin ruwa saboda addini ma abin ya shafe su. Ribar bankin Musulunci, kuɗin adashi da wanda aka ɓoye a gida dukkansu da hauhawar farashi ake auna su, kuma kuɗin gida suna rasa daraja gwargwadon hauhawar gaba ɗayanta.